Me ya sa nama ke ruɓewa cikin yini ɗaya amma zuma ta shekara lafiyarta ƙalau?

Akwai wata tambaya da nake yawan yi wa mutane in hira ta zo kan lalacewar abinci, kuma kusan kowa amsa ɗaya yake bayarwa. In ka ce wa mutum me ya sa ɗanyen nama ke wari cikin yini guda amma busasshiyar shinkafa ta yi shekara a buhu ba abin da ya same ta, zai ce maka ai ruwa ne, nama na da ruwa shinkafa ba ta da shi. Amsar ba laifi, ta kama hanya. Sai dai in ka ƙara masa da cewa to zuma fa, ai ita ma ruwa-ruwa ce har zuba take yi, kusan kashi 17 ko 18 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, ya aka yi ba ta ruɓewa alhali hatsin da ke da ruwa daidai wannan adadin yana yin fumfuna a rumbu, toh nan ne za ka ga an fara sosa ƙeya.

Abin da ke faruwa shi ne ba yawan ruwan da ke cikin abinci ne ke yanke hukunci ba, ruwan da ke sake ne, wato wanda ƙananan halittu za su iya kaiwa gare shi su sha. Ruɓewa dai aikin masu rai ne, bakteriya da yis da fumfuna, su ma cin abinci suke kamar mu, kuma ba su da baki ba su da haƙori, komai sai ya narke a ruwa tukun ya ratsa ta fatar jikinsu. In ruwan yana nan amma sukari ko gishiri ya riƙe shi gam, a wurinsu daidai yake da babu. Ruwan zuma sukari ya riƙe shi. Bakteriyar da ta faɗa cikin zuma maimakon ta sha ruwa, zumar ce ma ke zuƙe ruwan jikinta har ta yamushe.

Wani masani a Ostireliya mai suna William Scott ne ya tsaya ya auna wannan ruwan da ke sake a shekarun 1950, kuma har yau ma'auninsa ake amfani da shi a masana'antun abinci, ana rubuta shi `aw`. Yana tafiya ne daga 0 zuwa 1, tsantsar ruwa shi ne 1. Ɗanyen nama da kifi da madara duk suna wajen 0.99, wato kusan ba su da maraba da ruwan kofi a wurin bakteriya. Yawancin bakteriya suna daina hayayyafa in aka sauka ƙasa da 0.91, yawancin fumfuna kan jure har wajen 0.80, in kuwa aka yi ƙasa da 0.60 to ba wani mai rai da ke iya ƙaruwa a wurin. Zuma tana nan daidai bakin 0.60 ɗin. Shi ya sa ma in ka bar ta a buɗe a wuri mai laima ta zuƙi danshin iska, sai ka ga ta fara kumfa tana tsami, yis ya samu ƙofa kenan. Waɗannan lambobin uku kawai ka riƙe, 0.91 da 0.80 da 0.60, sauran bayanin duk a kansu zai hau.

Bayan ruwa akwai tsami. Lemun tsami da abin da aka jiƙa a ruwan kal suna daɗewa saboda yawancin bakteriya ba sa son tsami, iyakar da masu gwangwani ke tsoro ita ce 4.6 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ƙasa da nan bakteriyar da ke kawo gubar botulinum ba ta iya tsiro. Nama da kifi da madara da dafaffen hatsi duk suna sama da wannan iyakar nesa ba kusa ba, ga ruwa ga furotin ga rashin tsami, kamar an shimfiɗa wa baƙo tabarma an kawo masa abinci. 'Ya'yan itace kuwa tsaminsu kan kori bakteriya amma ba ya korar fumfuna, shi ya sa lemu in zai lalace gashi-gashi kore yake yi ba irin ɗoyin nama ba.

Sai kuma fata ko ɓawo, wanda mutane ke rainawa. Tsokar dabba mai lafiya cikinta kusan tsaf yake, ƙwayoyin suna kan saman ne, daga wuƙa da hannu da katakon yanka da kayan ciki suka zo. Gunduman nama babba zai fi yankakke daɗewa, yankakke ya fi niƙaƙƙe, don injin niƙa yana ɗebo abin da ke sama ya cakuɗa shi har tsakiya kuma ya farfasa tsokar ruwanta ya fito. Haka kankana, in tana rufe ta yi kwanaki a waje, da ka sa mata wuƙa lissafi ya koma na awanni.

Kifi kuwa nasa daban ne, ya fi naman dabba saurin tafiya kuma akwai dalili. Tsokarsa ba ta yin ɗan tsamin nan da naman dabba ke yi bayan yanka, jikinsa taushi gare shi, sinadaran narkar da abinci na cikin hanjinsa suna ci gaba da aiki bayan ya mutu har su fara cin cikinsa da kansu, in kuma na ruwan sanyi ne to bakteriyar da ke jikinsa dama can sun saba da sanyi, firij ba ya ba su tsoro kamar yadda yake ba na saniya. Wannan ƙarnin mai ƙarfi na kifin teku da ya kwana, wani sinadari ne a tsokarsa da bakteriya ke juyawa zuwa tiraimetilamin. Sabon kifi ba ya wannan warin sam.

Yanzun bari mu ɗauki abu ɗaya mu bi shi, don ni na fi gane abu in akwai sikeli a gabana. Kilo 1 na jan nama mara kitse sosai. A cikinsa kusan giram 750 ruwa ne, giram 250 ne sauran. Mu ƙaddara akwai bakteriya 1,000 a kan kowane ɗan gurbi kamar faɗin farce a samansa, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga naman da aka yanka aka taɓa da hannu. In wuri da ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 37, wasunsu kan rabu biyu duk minti 20. Cikin awa ɗaya sun ninka sau 8, cikin awa 4 sun ninka sau dubu 4 da wani abu, wato dubun nan ta zama miliyan 4. Hanci yana fara jin wari ne in sun kai wajen miliyan 10, yauƙi kuma ya bayyana wajen miliyan 100. A zahiri ba sa fara gudu nan take, sukan ɗan ɗauki lokaci su saba da wurin, amma ka ga dai yadda abin yake, awannin farko shiru kamar ba komai, sai a awa ɗaya ko biyu na ƙarshe komai ya rikice. Mutum ya ce wallahi ɗazun nan na duba lafiya lau yake, gaskiya ya faɗa, ninki ne haka yake.

Toh duk dabarun adana abinci, shanya ce ko gishiri ko sanyi, tsere ne da wannan ninkin. Kuma abin da nake so a fi kula da shi a duk rubutun nan shi ne, dabarar ba ta fara kare abinci sai ta isa tsakiyarsa. Daga waje take shiga, a hankali, kuma duk lokacin da take kan hanya tsakiyar na nan yadda take, da ɗumi da ruwa. Kusan duk asarar da ake yi a wannan tazarar ake yin ta.

Mu fara da gishiri. In ka barbaɗa shi a kan nama za ka ga ruwa na tsatsafowa, gishirin ne ke jawo shi waje, shi kuma yana narkewa yana kutsawa ciki. Abin da ke da muhimmanci ba yawan gishiri a kan nauyin nama ba ne, yawansa a cikin ruwan naman ne, lissafin kuma mai sauƙi ne: nauyin gishiri, a raba da nauyin gishiri haɗe da na ruwa. Ka sa giram 30 a kilon nan namu, wanda a baki ya riga ya yi gishiri sosai, 30 a raba da 780, bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wannan kusan gishirin ruwan teku ne, kuma teku cike yake da bakteriya suna harkokinsu. Zai ɗan rage wa wasu gudu amma bai adana komai ba. Kafin ka tsayar da mai gubar botulinum da gishiri zalla sai ruwan naman ya kai wajen kashi 10, wato kusan giram 80 a kilo, a nan `aw` ya sauko wajen 0.94 ne kawai. Ruwa in ya ƙoshi da gishiri har ya daina narkar da shi, wajen kashi 26 kenan, `aw` ɗinsa 0.75 ne, kuma irin wannan ne ake yi wa kifin da ake binnewa cikin gishiri wanda sai an jiƙa shi kwana guda ko fiye ana canza ruwa kafin ya ciwu. Don haka in wani ya ce maka ai na sa masa gishiri ba zai lalace ba, tambaye shi nawa ya sa. Gishirin ɗanɗano daban, gishirin ajiya daban, tsakaninsu akwai nisa.

Kuma gishiri ba ya sauri. A siririn yanki zai ratsa cikin awanni, a babbar cinya mai ƙashi makonni yake ɗauka, shi ya sa masu yin wannan sana'ar a ɗaki mai sanyi suke gishirta manyan gunduma, sanyi ya riƙe tsakiyar har gishiri ya iso. In aka yi a cikin zafi sai ka ga waje ya yi kyau ya yi tauri, ka yanka ka tarar kusa da ƙashi ya yi kore yana tsami. Akwai kuma masu taurin kai da gishiri bai cika damunsu ba, babbansu Istafilokokus, wanda ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu lafiya, yana iya ƙaruwa har wajen 0.86, a inda sauran duk sun haƙura, kai gishirin ma share masa fage yake yi tunda ya kore masa abokan gasa. Gubar da yake zubarwa kuma tafasa ba ta lalata ta. Wannan ne dalilin da ya sa abinci mai gishiri da ake ta damƙa da hannu bayan an gama shi yake iya kwantar da mutum da amai cikin awa 2 zuwa 6 ba tare da ya yi wari ko kaɗan ba.

Yanzun ga inda abin ke daɗi, haɗa gishiri da shanya. Koma kan kilon nan mai gishiri giram 30, ka yanka shi siriri ka shanya. Gishirin ba ya tashi, ruwa ne kawai ke tafiya, don haka kullum ruwan da ya rage ƙara gishiri yake. Lokacin da nauyin ya sauko rabi, wajen giram 515, ruwan da ya rage giram 235 ne, gishirinsa ya haura kashi 11, yawancin masu ruɓarwa sun fara tsayawa. In ya sauko giram 400, ruwa saura 120, gishiri ya kai kashi 20, nan an wuce iyakar Istafilokokus ɗin ma ko ana dab da wucewa, saura fumfuna kawai ake tsoro. Ka ga gishirin da shi kaɗai bai isa komai ba ya zama mai ƙarfi saboda an ɗebe ruwa, kuma sikeli ya isa ya gaya maka inda kake, ba sai ka yi ta latsawa da yatsa kana hasashe ba. Naman da aka ce ya bushe amma bai rasa fiye da rabin nauyinsa ba, gaskiya bai bushe ba.

Ita shanya mutane na ɗauka zafin rana ne ke yin aikin, alhali iska ce ta fi yi. Ruwa na barin abinci ne in iskar da ke kewaye da shi ta fi shi bushewa kuma tana motsi tana kwashe danshin. A wuri mai zafi da laima ba iska, abin da ka yi shi ne ka ɗumama wa bakteriya ɗaki. Kauri kuma shi ne komai, in ka ninka kaurin yanki lokacin bushewarsa ba ninki biyu yake ba, ya kan kusanci ninki huɗu, don ruwan tsakiya sai ya yi tafiya kafin ya fito. Shi ya sa ake yanka shi kamar rabin santimita ko ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa, a sa wuta mai ƙarfi tun farko, sai saman ya ƙame ya yi ɓawo ya toshe hanyar da ruwan ciki zai fita, a hannu ka ji shi ƙarau, ka zuba a leda ka ɗaure, bayan kwana biyu ruwan tsakiya ya rarrabu ya dawo sama, ga fumfuna fari fat. Gwaji mai sauƙi da nake so: ka zuba busasshen abu a kwalba mai murfi ka rufe ka ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ka ga raɓa a jikin gilashin ta ciki to mayar da shi shanya. Ka kuma karya yanki mafi kauri ka duba tsakiyarsa, kar ka duba mafi siriri ka yaudari kanka.

Busasshen abu kuma ba ya zama busasshe don kansa, yana daidaita ne da iskar da yake ciki. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100 aka bar shi a buɗe, a hankali `aw` ɗinsa zai hau ya nufi 0.80, daidai inda fumfuna ke jira. Hatsi ana son ya sauka wajen kashi 13 ko 14 na danshi kafin a adana, gyaɗa da sauran masu mai ƙasa da haka sosai, wajen 7 ko 8, saboda mai ba ya riƙe ruwa, ɗan ruwan da ke ciki duk a sake yake. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa masu danshi ba wai muni kawai take sa su ba, wata irinta na zubar da afulatoksin, guba ce da ke cin hanta a hankali kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanta. An gano ta ne bayan 1960 lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai ita. Dafuwa ba ta kawar da ita, wankewa ma haka.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara, bushewa ba kisa ba ce. Bakteriyar Salmonela na iya zama a busasshen abu watanni tana barci, har ma ta fi jure zafi in ta bushe fiye da in tana cikin danshi, shi ya sa masana ke cewa in za a busar da nama a gida a fara kai shi digiri 71 tun yana da ruwansa, kaza 74, sannan a busar. Da ruwa ya koma jikin busasshen abu kowa ya farka. Madarar gari ta yi wata da watanni a gwangwani, da ka dama ta ta zama madara kamar kowace madara, agogonta ya fara bugawa daga wannan lokacin.

Sanyi nasa salon daban ne, bai taɓa ruwan ba, rage gudun komai yake. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne filin wasan masu cutarwa, ƙasa da 5 yawancinsu sun tsaya ko sun koma rarrafe, bakteriyar da ke rabuwa duk minti 20 a ɗumi sai ta koma awanni da yawa ko ta daina gaba ɗaya. Kuma kowane digiri na da daraja a can ƙasa fiye da yadda ake zato. Kifin da zai yi kamar sati biyu a cikin ƙanƙara a digiri 0, a digiri 5 ƙasa da rabin haka zai yi, a digiri 10 kuwa kwata. Firij ɗin da ke kan 8 da wanda ke kan 3 a hannu duk sanyi ne, a wurin abinci kuwa ba ɗaya ba ne, ni a ganina ɗan ma'aunin zafi na cikin firij ya fi yawancin kayan kicin da muke tarawa amfani. Kilon namanmu a firij mai kyau zai yi kwana 3 zuwa 5, in niƙaƙƙe ne kwana 1 ko 2. Ƙarshenta dai zai yi yauƙi, saboda akwai masu son sanyi irin Sudomonas da ke ci gaba a hankali, akwai kuma Listeriya da ke iya ƙaruwa har kusa da digiri 0 ba wari ba alama, ita ce ake ja wa masu juna biyu kunne a kai game da abincin da ya daɗe a firij ana ci ba ɗumamawa.

Firiza kuwa, in ka lura, dangin shanya ce. A digiri 18 ƙasa da sifili ruwan ya zama ƙanƙara, ƙanƙara kuma ba ta shayuwa, ba mai ƙaruwa. Amma nan ma barci ne. In ka fito da nama ka ajiye a kan tebur ya narke, samansa zai kai ɗumin ɗaki ya yi awanni a haka tsakiya na nan kamar dutse, tseren nan ne dai amma a juye. A narkar a cikin firij ko cikin ruwan sanyi ana canzawa. In wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi wajen awa 4, firiza cike taf wajen kwana 2, rabin cika kwana 1.

Inda sanyi ya fi cin amanar mutane shi ne babbar tukunya. An dafa abinci ya tafasa, kowa ya ce ai wuta ta kashe komai. Ta kashe masu rai a fili, amma wasu bakteriya na da wata dabara, suna dunƙulewa cikin ƙwanso mai tauri kamar iri, tafasa ba ta fasa shi. Basilus siriyus na cikinsu kuma a shinkafa ya fi suna, yana nan tun tana ɗanya. Da tukunya ta huce ta sauko ƙasa da 60 sai su tsiro, ba abokin gasa tunda wuta ta share kowa. Tukunya mai zurfi in ka sa ta a firij yadda take, gefe zai yi sanyi amma tsakiya na iya kwashe awanni masu yawa da ɗuminta, har ta ɗumama abin da ke kusa da ita. Gubar amai da wannan bakteriyar ke yi ɗumame ba ya karya ta, ko ka soya shinkafar. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 awa 1. Maganin kuma ba wani abu ba ne, irin na shanya ne, a rage kauri: a rarraba a kwanuka masu faɗi marasa zurfi, kamar santimita 5, sai sanyi ya isa tsakiya da wuri. Ba sai an jira ya huce sarai ba kafin a sa a firij, da tururin ya lafa shikenan.

Ba komai ne ke son sanyi ba dai. Ayaba in ta sauka ƙasa da wajen digiri 13 ɓawonta baƙi yake yi, tumatir ya rasa ƙamshi ya yi gari-gari, dankalin turawa ya juya sitacinsa sukari. Su waɗannan da ransu ko bayan an cire su, numfashi suke, sanyi mai yawa rauni yake musu, raunin kuma ƙofa ce ga fumfuna.

Akwai kuma lalacewar da ba ruwanta da ƙwayoyin cuta kwata-kwata, ta mai da kitse. Iska ce ke cin su, haske da zafi na taya ta, sai abu ya yi warin tsohon mai yana ɗaci a maƙogwaro. Wannan bushewa ba ta hana shi, firiza ma jinkirta shi kawai take, gishiri kuwa ƙara masa gudu yake. Shi ya sa ake zaɓar nama mara kitse in za a busar, kuma kifi mai mai ya fi farin kifi saurin canza ɗanɗano a firiza, wata 2 ko 3 ya fara, alhali farin zai ninka haka. Rufewa da kyau a fitar da iska shi ne abin yi.

Maganar hanci ita ce ta ƙarshe da zan taɓa, don a nan ne na fi saɓawa da mutane. Masu sa abinci wari da yauƙi da tsami yawanci ba su ne masu kwantar da mutum ba, masu kwantarwar kuma galibi ba sa canza wari ko kala ko ɗanɗano. Hanci na iya gaya maka abu ya lalace, wannan ka yarda da shi, amma ba zai iya gaya maka abu lafiya yake ba. Shinkafar da ta kwana a waje tana iya ƙamshi lafiya lau. Kifi irin tuna ko sadin da ya sha zafi kafin a sa shi a ƙanƙara yana tara wani sinadari mai suna histamin, a dafa shi a ci, cikin minti kaɗan fuska ta yi ja ana ƙaiƙayi da ciwon kai, mutum ya ɗauka jikinsa ne ba ya son kifi, alhali kifin ne ya yi awanni a rana. Fumfuna ma in ta fito a kan abu mai tauri kamar karas ko busasshen cuku ana iya yanke wajen santimita 2 da rabi kewaye da ita a ci sauran, amma a kan burodi ko dafaffen abinci ko wani abu mai taushi, zarenta ya riga ya ratsa ciki inda ido ba ya gani, wanda ka gani a sama kan ne kawai, sai dai a zubar da shi duka.